Yadda mai digirin dakta zai auna sibinsa na jami'a kafin ya nemi aikin bincike a kamfani

Sibi, wato takardar tarihin karatu da aiki, idan don jami'a aka rubuta shi, yana da mutanen da aka rubuta wa shi: kwamitin ƙarin girma, ko kwamitin ɗaukar malamai. Waɗannan suna son su ga yawan maƙaloli, da sunayen mujallun da suka buga su, da tarukan da aka halarta, da kwasa-kwasan da aka koyar, da ɗaliban da aka duba wa kundi. Mai ɗaukar ma'aikaci a masana'anta kuwa tambayarsa ɗaya ce: idan na ba wannan mutumin aiki ranar Litinin, me zai iya yi mini da hannunsa kafin Juma'a, kuma me zan koya masa? Sibi mai shafi tara yana iya ƙunsar amsar nan, amma a binne. Yana kuma iya zama babu ita gaba ɗaya, mai sibin bai sani ba, saboda girman digirin ya rufe masa ido. Wannan ne ke sa mutum ya aika takarda wurare da yawa, ya ji shiru, ya ɗauka hassada ce ko rashin hanya, alhali ba a taɓa auna takardar da aikin ba.

Ga yadda ake aunawar. Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe, misalin da ya dace da Kaduna, inda masara da waken suya da kiwon kaji suka sa masana'antun abincin dabbobi suka samu gindin zama. Babbar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki da Olam ta buɗe a ƙaramar hukumar Chikun a 2017 ta isa shaida, ban da matsakaita da ƙananan da ke cikin gari da kewayensa. A ɗaya ɓangaren ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyoyinta na Samaru da Shika, ga Jami'ar Jihar Kaduna, suna yaye masu digiri na biyu da na uku a kimiyyar dabbobi da bayokemistiri da kimiyyar ƙananan halittu. Tsakanin waɗannan ɓangarori biyu akwai tazarar da ta fi ta Zariya zuwa Kakuri nisa.

Mu ƙaddara wata dakta ce, ta yi digirinta na uku a bayokemistiri, kundinta a kan gubar afulatoksin a cikin masarar da aka adana. Sai ta ga sanarwa daga wani kamfanin abincin kaji yana neman jami'in bincike.

Mataki na farko: ajiye sibin, ka fara feɗe sanarwar

Kada ka buɗe sibinka tukuna. Idan ka karanta sanarwa da sibinka a zuciya, kowane layi sai ka ga kamar da kai ake. Ɗauki farar takarda, ka bi sanarwar layi-layi, kana rubuta aikin da kowane layi yake nufi da Hausar da za ka yi wa ƙaninka bayani da ita. Abin da kake nema shi ne aikatau: gwada, tsara, haɗa, rubuta, kai rahoto, ziyarta. Siffofi irin su hazaƙa da iya zama da mutane ka tsallake su, kowace sanarwa na da su.

A misalinmu, bayan an tace, sanarwar ta koma abubuwa takwas. Gwada kayan da ake sayowa, wato masara da waken suya da dusa, don sanin danshi da furotin da mai da toka da gubar fumfuna. Aiki da na'urar NIR, mai auna sinadaran abinci da haske, da daidaita ta. Tsara gwajin ciyarwa a gonar kamfani da fassara sakamakonsa. Haɗa lissafin abinci mafi arha da manhajar kwamfuta. Sanin tsarin kiyaye lafiyar abinci na HACCP ko ISO 22000 da ajiye bayanai a rubuce. Kai rahoto ga manaja kowane wata, tare da aiki da sashen saye da sashen sarrafawa. Ziyartar gonakin masu sayen abincin idan sun kawo koke. Sai shekara 3 na aiki a masana'anta.

Daga nan ka duba kalmomin da suka raba dole da so. Abin da aka rubuta a ƙarƙashin `required` ko `must have` ba ɗaya yake da wanda aka bi da `added advantage` ba. A yawancin sanarwar masana'antu, digiri na uku yana zuwa ne a rukuni na biyu. Ma'anar wannan ita ce digirin ba zai cike maka gurbin wani abu na dole da ka rasa ba. Zai dai fifita ka a kan wanda kuka yi kunnen doki da shi a sauran abubuwa.

Ka lura kuma da jeri. Abin da aka sa a farko, ko aka maimaita sau biyu, ko ya fito a sunan muƙamin, shi ne ainihin aikin.

Mataki na biyu: gano yadda makon ma'aikacin yake rabuwa

Layi takwas ba su da nauyi ɗaya, kuma sanarwa ba ta faɗa. Wani layin zai ci rabin mako, wani sau ɗaya a shekara. Hanya mafi sauƙi ita ce ka samu wanda ya taɓa aiki a irin wannan wurin, ko da ba kamfanin ba ne. Duk sashen da ya daɗe yana yaye ɗalibai yana da tsofaffin ɗalibai a masana'antu, kuma galibi masu digiri na farko ne ko babbar difloma, ƙila ma kai ka koyar da su. Kira ɗaya daga cikinsu, ka sauke girman kai ka tambaya: “Malam, don Allah in mutum yana wannan aikin, da safe in ya shigo me yake farawa da shi? Wa yake kai wa rahoto? Wane kuskure ne in ya yi shi ran manaja ya fi ɓaci?” Tambaya ta uku ta fi sauran amfani, domin abin da ke ɓata ran manaja shi ne abin da za a fi bincika a intabiyu.

Mu ce daktar tamu ta yi wannan, aka gaya mata cewa daga kaka zuwa tsakiyar rani, lokacin da tireloli ke shigowa da masara daga kasuwanni irin su Saminaka da Giwa, gwajin kaya yana cin fiye da rabin lokaci. Gwajin ciyarwa ana yin sa sau uku ko huɗu a shekara. Lissafin abinci kuma akwai masanin da ke riƙe da shi, sabon jami'in zai riƙa ba shi alƙaluman gwaji ne kawai. Wannan bayanin ya sauya ma'aunin gaba ɗaya. Da an ce mata lissafin abincin ne aikin yau da kullum, da hukuncin da za mu kai gare shi a ƙarshe ya zama wani daban.

A nan ma za ka gane ko aikin bincike ne da gaske. Muƙamai da yawa da ake kira na bincike a masana'antunmu, in ka leƙa ciki, aikin tabbatar da inganci ne: gwaji iri ɗaya kullum, da amincewa ko ƙin karɓar kaya. Ba aibi ba ne, amma gara ka sani kafin ka shiga.

Mataki na uku: zube sibin, ka ware abin da hannunka ya yi

Yanzu ka buɗe sibin, amma ba don ka karanta shi yadda yake a jere ba. Kowace maƙala, da kowane babi na kundinka, da kowane kwas mai aikin lab da ka koyar, ka yi masa tambaya huɗu: wace na'ura ko hanya aka yi amfani da ita, wa ya yi aikin da hannunsa, samfur nawa, kuma yaushe ne karo na ƙarshe da ka yi.

Tambaya ta biyu ita ce mai zafi, kuma a kanta ne sibin jami'a ya fi yaudarar mai shi. Mun san yadda bincike yake a jami'o'inmu. Na'urar sashe ta lalace ko babu wuta, sai a ɗauki samfur a kai wani lab a biya, a dawo da sakamako a takarda. A maƙala sai a rubuta cewa an auna da HPLC, na'urar da ke ware sinadarai ta auna su, kuma gaskiya ce, an auna. Amma mai maƙalar bai taɓa haɗa ruwan da ke bi ta cikin na'urar ba, bai taɓa ganin matsin ya hau ya nemi dalili ba, bai san abin da zai yi in layin sakamako ya karkace ba. Haka nan maƙalar da sunanka ya fito na biyar a cikin bakwai saboda zumuncin sashe. A gaban kwamitin jami'a tana da maki. A gaban manajan lab da zai tsayar da kai kusa da na'ura ya ce bismilla, ba ta da komai, kuma idan ka yi iƙirarinta aka gano, har abin da ka iya da gaske sai a daina yarda da shi.

Saboda haka ka kasa komai kashi uku. Kashi na farko, abin da ka yi da hannunka sau da yawa, har za ka iya koya wa wani. Kashi na biyu, abin da ka san tushensa ko ka yi makamancinsa, amma ba shi kansa ba. Kashi na uku, abin da ba ka taɓa yi ba.

Da daktar ta zube sibinta mai maƙala 11, ga abin da ya fito. Ta auna afulatoksin da hanyar gwaji ta ELISA da hannunta a samfur kusan 200. Samfuran da aka tabbatar da HPLC wani lab ta kai. Ta shekara da shekaru tana koya wa ɗalibai auna furotin ta hanyar Kjeldahl, da danshi a tanda, da mai ta Soxhlet. Ta yi gwajin ciyarwa guda na mako 6 da 'yan tsaki 120. Ta iya manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS. Ta taɓa riƙe sayen sinadarai da ajiye rasit a wani binciken da asusun TETFund ya ɗauki nauyi. Abin lura a nan shi ne, abin da zai fi yi mata amfani wurin wannan kamfanin, wato aikin Kjeldahl da ta maimaita har ya zama jiki, a sibin yana shafi na bakwai ne, a ƙarƙashin sunan kwas da lambarsa, ba a ma ambaci hanyar ba. Maƙalolin da suka cika shafi uku kuwa, huɗu ne kacal suka shafi aikin.

Mataki na huɗu: gwada layi da layi, amma da ma'aunin kamfani

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka daɗe. Kalma ɗaya na iya fitowa a sanarwa da sibi, amma abin da kowanne yake nufi da ita daban.

Ɗauki gwajin afulatoksin. Gubar nan fumfunar Aspergillus ce ke fitar da ita, musamman a masara da gyaɗa da aka tara da danshi ko ƙwari suka huda. Masana'antar kaji ba ta wasa da ita tun 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai gubar, wanda a sanadiyyarsa aka gano ta. Tana lalata hanta, tana rage girma da ƙwai, tana raunana garkuwar jiki. Iyakar da aka fi ambatawa ita ce kashi 20 cikin biliyan, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa wa abincin mutane da na ƙananan dabbobi. Daktar ta san duk wannan fiye da kowa a kamfanin. To amma a jami'a ta tara samfuranta ne a hankali, ta ajiye, ta gwada su tare lokacin da kayan gwaji suka iso, kuma abin da take nema shi ne matsakaicin adadi da za ta sa a teburi. A masana'anta tirela ce a bakin ƙofa ɗauke da tan 30, wato buhu 300 masu kilo 100, direba na jira, mai kaya na waya, wasu tireloli na bayanta. Ana gwadawa da tsinken gwaji mai ba da amsa cikin mintuna, kuma amsar da ake so ita ce a sauke ko a mayar.

A irin wannan yanayi kuskure mafi girma ba a cikin lab yake faruwa ba, a wurin ɗibar samfur ne. Gubar ba ta warwatsuwa daidai cikin kaya. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da ita da yawa, sauran lafiyarsu lau. Wanda ya soka ƙarfe a buhu biyar na bakin mota ya ɗebi tafi ɗaya zai iya samun sifili daga motar da ta gurɓata. Sai an ɗiba daga buhuna da yawa, sama da ƙasa da tsakiya, a haɗa ya kai kilo da dama, a niƙa duka, a cakuɗa, sannan a cire ɗan abin da za a gwada. Don haka tambayar da daktar za ta yi wa sibinta ba “na san afulatoksin?” ba ce. Tambayar ita ce: a kundina, ni na tsara yadda aka ɗebi samfur daga buhuna da rumbuna, kuma zan iya kare tsarin? Idan ita ta shiga kasuwa ta ɗiba da kanta bisa tsari, wannan layin ya shiga kashi na farko da ƙarfinsa, kuma koyon tsinken gwaji aikin kwana ɗaya ne ga mai iya ELISA. Idan kuwa mudu-mudu ta aika aka sayo mata daga hannun 'yan kasuwa, to ta iya rabin aikin ne, rabin da ya fi sauƙi.

Sai gwajin ciyarwa. Nata gwajin, 'yan tsaki 120 ne aka raba abinci iri 4, kowane iri keji 3, kowane keji tsaki 10. Wannan ya isa a ga illar guba, domin illar babba ce. Kamfani kuwa yakan nemi bambanci ƙarami. Ma'aunin da yake kallo shi ne kilo nawa na abinci kaza ta ci kafin ta ƙara kilo ɗaya na nauyi. A ce wani haɗi ya ba da 1.70, wani 1.65. Kazar da ta ƙara kilo 2 za ta ci kilo 3.4 a na farko, 3.3 a na biyu. Giram 100 ke nan a kan kowace kaza, amma a gona mai kaji 10,000 tan ɗaya ne cur, buhu 40 na kilo 25. A kan irin wannan ɗan bambancin manomi ke sauya kamfanin da yake sayen abinci. Keji 3 ba za su nuna shi ba, domin a lissafi keji ne ake ƙirgawa ba kaza ba, tunda tare suke cin abincin kuma tare ake auna shi, kuma bambancin da ke tsakanin keji da keji kaɗai ya isa ya haɗiye 0.05. Idan daktar ta fahimci wannan, ta kuma iya lissafa keji nawa ake buƙata kafin a fara, to a nan digirinta ya yi rana da gaske, domin wannan shi ne abin da horon dakta ke bayarwa wanda shekarun masana'anta ba lalle su bayar ba. Idan kuwa iyakarta ta zuba alƙaluma a SPSS ta danna ANOVA ta kwafo teburi, layin ya sauka kashi na biyu.

NIR ba ta taɓa taɓawa ba, amma ban sa shi a kashi na uku ba. Na'urar tana haska samfur ne ta yi hasashen furotin da danshi da mai cikin minti ɗaya ko ƙasa, kuma hasashen nata ya dogara ne kacokan a kan alƙaluman da aka samo ta tsohuwar hanya, irin su Kjeldahl inda ake auna naitirojin a ninka da 6.25. In na'urar ta fara kaucewa, wanda ya ƙware a tsohuwar hanyar kuma ya san lissafin dangantakar alƙaluma shi ne zai gano ya gyara. Danna na'urar kowa zai koya. Tushen daidaita ta kuwa daktar na da shi. Kashi na biyu, mai kusa da na farko.

Lissafin abinci mafi arha kashi na uku ne, babu kwana-kwana. Lissafin kansa ba shi ne wahala ba, ana iya gwada shi da `Solver` a cikin Excel: ka ba shi farashin kayan haɗi da abin da kowanne ya ƙunsa, ka sa iyakoki, ya nemo haɗi mafi arha. Wahalar ita ce sanin iyakokin, wato yawan ƙarfi da laisin da metiyonin da kalsiyam da kazar nama ke buƙata a makonnin farko, da yadda hakan ya bambanta da na mai ƙwai, da iyakar dusar da za a sa kafin kaji su fara ja da baya. Wannan ilimin masu kimiyyar abincin dabbobi ne, ba na bayokemistiri ba.

HACCP kwas ne na 'yan kwanaki a kan ƙa'idoji 7, ana samun takardar shaida. Ka dai sani takardar ba ta kai darajar wanda ya taɓa tsayawa gaban masu binciken NAFDAC yana fito da rajistar gwaji ba. Abin da zai tallafa mata a nan shi ne in tana da ɗabi'ar ajiye littafin lab mai kwanan wata da lambar kowane samfur.

Mataki na biyar: raba giɓin gida uku

Bayan gwadawa za ka ga wuraren da ka gaza. Kada ka ƙirga su, ka tambayi kowanne: wannan ana cike shi cikin makonni, ko sai an zauna a wurin aikin, ko ba ya ciko sam? Tsinken gwaji da danna NIR da kwas na HACCP, makonni ne. Lissafin abinci, watanni ne a ƙarƙashin wanda ya iya. Rajista da hukumar sana'a kuwa wani lokaci katanga ce. Wasu sanarwar suna neman rajista da Cibiyar Kimiyyar Dabbobi ta Najeriya, NIAS, wadda dokar 2007 ta kafa, wasu kuma da cibiyar masu nazarin kaya ta IPAN. Duba sharuɗɗansu tun da wuri, domin digirinka na farko yana da tasiri a kan inda za a yi maka rajista, kuma digiri na uku ba ya goge wannan.

Shekara 3 na masana'anta shi ne giɓin da ya fi damun mutanenmu. Shekarun karatun dakta ba shekarun masana'anta ba ne, kuma rubuta su a matsayin haka ba ya burge kowa. Amma ka nemi dalilin da ya sa aka sa sharaɗin. Galibi ana so ne a tabbatar mutum ya saba da gaggawa, da yanke hukunci kafin bayanai su cika, da yin aiki da mutanen da ba 'yan boko ba. Duba sibinka ko akwai abin da ke nuna haka: aikin sanin makama da ka yi a masana'anta lokacin digirin farko, hidimar ƙasa a wani lab na kasuwanci, gwajin da ka taɓa yi wa wani mai gona ya biya ka kuma ya yi aiki da sakamakon. Daktar tamu ta tuna cewa masu gidajen gona sukan kawo abinci sashensu a auna musu furotin, kuma ita ke yi ta rubuta musu sakamako. Ba ta taɓa sa wannan a sibi ba domin ba ya kawo ƙarin girma. Shi ne kuwa abin da ya fi komai kama da aikin da take nema.

Mataki na shida: duba abin da zai tsorata mai ɗaukar aiki

Sibin na iya dacewa da aikin amma ya firgita manaja. Abin da yake tsoro sananne ne: za ka tafi da zarar jami'a ta buɗe gurbi, za ka ƙi zama a ƙarƙashin shugaban sashe mai babbar difloma, za ka nemi albashin da ya wuce na matakin, za ka so buga sakamakon da kamfani ke ɗauka sirrinsa ne. Karanta sibinka da idonsa. Idan layin farko yana cewa burinka ka zama farfesa, ka amsa masa tambayar farko da kanka. Ka kuma tambayi zuciyarka da gaske, domin in tsoron nasa gaskiya ne, to rashin dacewar ba a takarda take ba. Wanda asusun TETFund ya ɗauki nauyin karatunsa ta hannun makarantarsa ya duba yarjejeniyar da ya sa wa hannu, saboda akwai wa'adin da zai yi wa makarantar aiki kafin ya iya tafiya.

Yanke hukunci

Komo kan rabon makon da ka samo a mataki na biyu. Ƙa'idar da nake bi ita ce: idan ayyukan da ke cin fiye da rabin mako suna kashi na farko, kuma babu katangar rajista, ka nema, ko da shekarun masana'anta ba su cika ba. Idan suna kashi na biyu, ka nemi matakin da ke ƙasa da wannan, ko ka ɗauki wata biyu zuwa uku ka ɗaga su tukuna. Idan suna kashi na uku, ka bar wannan gurbin, ba naka ba ne, komai yawan maƙalolinka.

Ga daktar tamu, gwajin kaya shi ke cin yawancin lokaci, kuma yana hannunta. Gwajin ciyarwa tana da tushensa. Lissafin abinci ba ta iya ba, amma an ce wani ke riƙe da shi. Hukuncinta shi ne ta nema. Sibin da za ta aika shafi biyu ne. A saman shafin farko za ta sa hanyoyin gwajin da ta iya, kowace da adadin samfur da shekarun da ta yi tana yi, da kalmomin da sanarwar ta yi amfani da su, domin mai tace takardu a sashen ɗaukar ma'aikata su yake nema kuma ba masanin lab ba ne. Bayansu gwajin 'yan tsaki 120 da abin da ya nuna a jimla biyu, sai aikin da ta yi wa masu gidajen gona, sai sayen kaya da ajiye lissafi. Maƙala huɗun da suka shafi aikin su zo a ƙarshe, sauran bakwai layi ɗaya ya ishe su. HPLC za ta rubuta cewa ta fassara sakamakonsa, ba ta ce ta sarrafa na'urar ba. A wasiƙar neman aiki kuma ta faɗi da bakinta cewa ba ta taɓa haɗa lissafin abinci ba, ta ambaci kwas na HACCP da ta yi rajista da ranar da za ta gama shi.